Darasi na Tara: Cire Abu daga Hoton Fanorama ba tare da An Ɓata Ɗinki ba

Hoton fanorama hoto ne mai faɗi da ake haɗawa daga hotuna da dama. Mai hoto yana tsayawa wuri guda, ya ɗauki falle na farko, ya ɗan juya kyamara ya ɗauki na biyu, har ya gama zagaye abin da yake so, sannan manhaja ta ɗinke su su zama hoto ɗaya. A darasin da ya gabata mun koyi wannan ɗinki. Yanzu za mu ga abin da ake yi idan an gama, sai a tarar da Keke Napep ta tsaya a tsakiyar hoton, ko rabin ɗan acaɓa ya fito babu sauran rabin, ko wayar lantarki ta ratsa sararin sama.

Abin da yawancin masu koyo suke yi shi ne su buɗe gamammen hoton su kama goge abin da ba sa so. Wannan hanya tana da wurinta, amma ita ce ta ƙarshe. Kafin a kai gare ta, a tuna cewa fallayen sun hau juna, kuma sau da yawa abin da keken ta rufe a falle ɗaya yana nan sarai a falle na kusa da shi. Idan akwai hoton gaskiya na wurin, babu dalilin ƙirƙirar na ƙarya.

Za mu yi aiki da Hugin, manhajar ɗinke fanorama da ake samu kyauta, da kuma GIMP, wadda ita ma kyauta ce. Duka biyun suna aiki a kan kwamfutar da ba ta da ƙarfi sosai, kuma ba sa buƙatar intanet bayan an sauke su.

Yadda ɗinki yake

Wurin da fallaye biyu suka hau juna shi za mu riƙa kira yankin tarayya. A cikinsa kowane abu ya fito sau biyu, sau ɗaya a kowane falle. Hugin tana fara neman wuraren da suka yi kama a fallayen biyu, kamar kusurwar taga ko harafin allo, ta sa musu ɗigon daidaitawa, ta yi amfani da su wajen jera fallayen. Daga nan wata ƙaramar manhaja mai suna enblend takan karɓi aikin. Ita ce take zaɓar layin ɗinki, wato layin da zai ratsa yankin tarayya daga sama zuwa ƙasa: hagunsa a ɗauko daga falle ɗaya, damansa daga ɗayan. Layin ba miƙaƙƙe ba ne. Yana karkacewa yana bin wuraren da fallayen biyu suka fi kama da juna.

Akwai wani abu game da enblend da sai an gane shi sauran darasin zai zauna. Ba ta gauraya komai a faɗi ɗaya. Ƙananan abubuwa masu kaifi, irin su bakin bulo ko rubutu, tana haɗa su a ɗan siririn wuri don kada su fito biyu-biyu. Manyan abubuwa kuwa, irin hasken sama ko launin kwalta, tana narkar da su a hankali a faɗi mai yawa don kada ido ya ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Wannan dabara ta samo asali ne daga aikin Burt da Adelson na 1983. Ma'anarta a gare mu ita ce ɗinki yana buƙatar fili. Duk abin da za mu yi da zai matse yankin tarayya, to yana matse wurin da hasken zai narke, kuma a nan ne ɗinki yake bayyana.

Misali daga Samaru

Mu ɗauka an ba ku aikin ɗaukar babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru domin kalanda. Kun nemi izinin masu tsaron ƙofa, kun tsallaka titin Sokoto, kun kafa kyamara a kan ƙafarta. Duk wanda ya san wannan titi ya san ba ya yin shiru da rana, tsakanin keke da acaɓa da bas-bas masu zuwa Kwangila da manyan motocin da suka nufi Funtuwa. Jiran titi ya zama fayau ɓata lokaci ne.

Kyamarar ƙarama ce mai gilashin milimita 24, kun ɗora ta a tsaye, saboda haka kowane falle yana ɗaukar faɗin kusan digiri 36, a fiksel 4000. Kowane digiri ɗaya kusan fiksel 110 ke nan. Kuna juyawa digiri 24 tsakanin falle da falle, kun ɗauki biyar. Idan muka fara ƙirga daga hagu, falle na biyu ya kama daga digiri 24 zuwa 60, na uku daga 48 zuwa 84, na huɗu daga 72 zuwa 108. Yankin tarayyar na biyu da na uku shi ne 48 zuwa 60. Na uku da na huɗu sun yi tarayya a 72 zuwa 84. Tsakanin 60 da 72 kuwa falle na uku ne kaɗai ya gani, ba shi da abokin shaida.

A falle na uku abubuwa biyu sun shigo. Keke ta tsaya sauke fasinja daga digiri 50 zuwa 57 da rabi. Tsawon keke kusan mita 2.6 ne, kuma daga nisan mita 20 hakan yana cin kusan digiri bakwai da rabi. Sai wani mai tura baro a digiri 63 zuwa 67. Ban da waɗannan, akwai wayar lantarki da ta ratsa saman dukkan fallayen. Abubuwa uku ne, kuma kowanne maganinsa daban.

Keken da ke cikin yankin tarayya

Keken ta fi sauƙi, domin lokacin da aka ɗauki falle na biyu ba ta iso ba. A Hugin, ku sauya zuwa tsarin `Advanced`, ku shiga shafin `Masks`, ku zaɓi falle na uku. Ku lura Hugin tana fara ƙirga hotuna daga 0, saboda haka falle na uku shi ne mai lamba 2 a jerin. Ku danna `Add new mask`, ku zagaye keken da ɗigo-ɗigo, ku rufe zagayen, ku tabbatar nau'insa `Exclude region` ne. Abin da kuka gaya wa manhajar shi ne kada ta ɗauki komai daga cikin wannan marufi; dole ta cike wurin da abin da ke falle na biyu.

A nan ne masu koyo suke yin kuskure iri biyu. Na farko, mantawa da inuwa. An cire keke, an bar baƙin tabo a kwalta ba tare da mai shi ba, kuma ido yana saurin kama wannan fiye da yadda ake zato. A haɗa da inuwar, da ƙurar da tayar ta tayar in akwai, a kuma bar ɗan sarari kamar fiksel 20 zuwa 30 a kewaye, domin bakin abu mai motsi yakan yi dishi-dishi ya zarce inda ake ganin iyakarsa.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ne yake fasa ɗinki. Wani zai ce bari in yi marufi ƙato in huta. A misalinmu inuwar keken ta faɗi dama har digiri 59, falle na biyu kuma ya ƙare a 60. Ke nan tsakanin bakin marufin da ƙarshen falle na biyu digiri ɗaya tak ya rage, fiksel 110, kuma dole layin ɗinki ya bi ta wannan lungu. In aka ƙara faɗin marufin ya wuce 60, rami zai buɗe, baƙi ko fanko, domin babu fallen da zai cike shi. In ma bai wuce ba, lungun yana da matsala: gefen kowane falle ya fi tsakiyarsa duhu kaɗan, halin gilashin kyamara ne, kuma yanzu an tilasta wa gefen falle na biyu ya haɗu da cikin falle na uku a wurin da ba fili. Alamar da za ku gani ita ce wani layi a kan kwalta, ɗaya gefen ya ɗan fi ɗayan duhu, kamar an zuba ruwa ya bushe rabi.

Maganin kashi biyu ne. Ta ɓangaren hagu, inda fili yake da yawa, a saki marufin. Ta ɓangaren dama a bi bakin inuwar daf da daf. Sannan a shafin `Photos`, a ƙarƙashin `Optimise`, a gudanar da gyaran `Photometric` wanda ya haɗa da `Vignetting`, domin Hugin ta auna duhun gefen ta rage shi kafin ɗinki. In tun wajen ɗauka kun kulle hasken kyamara da daidaiton fari a kan saitin hannu, bambancin da zai rage kaɗan ne.

Bakin marufi shi ma sabon ɗinki ne, don haka a duba abin da yake ratsawa. In ya bi ta kwalta ko bango mara zane, ba mai gani. In ya yanke dakalin gefen titi ko farin layi ko sandunan shinge, to duk ɗan saɓanin da ke tsakanin fallayen biyu a nan zai fito, dakali ya karye ya zama mataki. Saɓanin yana fitowa ne idan kyamara ba ta juya a kan tsakiyar gilashinta ba. Mai riƙe da hannu da ke juya jikinsa duka, kyamara tana nesa da ƙirjinsa santimita 30, in ya juya digiri 24 gilashin ya gusa kusan santimita 12. Ga ginin da ke nesa wannan ba komai ba ne. Ga dakalin da ke mita uku daga ƙafarsa kuwa, gushin ya haura digiri biyu, fiksel 250 da wani abu, kuma babu ɗinkin da zai ɓoye wannan. Inda dole marufi ya tsallaka layi, a tsallaka shi kai tsaye, kada a bi tsawonsa.

Saura abu ɗaya da ake yawan tsallakewa. Hugin ba ta san keke daga bango ba, tana iya sa ɗigon daidaitawa a jikin abin da ya motsa tsakanin falle da falle, sai su karkatar da jerin duka. Bayan an yi marufi, a je `Edit` a zaɓi `Remove control points in masks`, a duba sauran ɗigon a goge na kan mutane da motoci da gajimare, a sake gudanar da daidaitawa. In matsakaicin kuskuren da ta nuna ya sauko zuwa fiksel ɗaya ko biyu, jerin ya zauna.

Mai baron da falle ɗaya ya gani

Shi wannan, marufi kaɗai ba zai fitar da shi ba, rami zai bari. Maganinsa tun a bakin titi ake yin sa. Mai hoto da ya san aiki ba ya juya kyamara da zarar ya danna. Yakan duba abin da ya shigo, ya jira daƙiƙa biyar ko goma mutumin ya wuce, ya sake dannawa ba tare da ya taɓa komai ba. Yanzu yana da falle na uku kashi biyu, kuma abin da ya rufu a ɗaya ya buɗe a ɗayan.

Tunda kyamarar tana kan ƙafa, hotunan biyu sun dace fiksel da fiksel, kuma ya fi a haɗa su kafin su je Hugin. A buɗe na farko a GIMP, a shigo da na biyu ta `File`, `Open as Layers`, a sa mai baron a sama. A ƙara wa na saman `Layer Mask` fari, a ɗauki burushi mai laushi, a shafa baƙi a kan mutumin da baronsa da inuwarsu. Kwaltar da ke hoton ƙasa za ta bayyana. A fitar da shi a matsayin TIFF, da girmansa yadda yake, kada a yanke ko fiksel ɗaya daga gefe, domin Hugin tana lissafi ne da faɗin falle da tsakiyarsa. Sai a ba ta wannan a madadin falle na uku. Ɗinki bai ma san an yi wani abu ba.

In da hannu aka ɗauka, hotunan biyu ba za su dace ba, sai a shigar da duka biyun cikin Hugin ta jera su. A rufe mai baron a na farko. A na biyu kuma a rufe kusan komai, a bar faci kawai wanda ya fi ramin girma da fiksel 200 ko 300 ta kowane gefe. In aka bar su duka a buɗe, enblend tana iya tsayawa da ƙorafin `excessive image overlap`, domin ba ta da inda za ta ja layi tsakanin hotuna biyu da suka rufe juna baki ɗaya.

Wannan ya kawo mu Sabon Gari. A bakin kasuwar Sabon Gari ko wajen PZ da hantsi, ɗauka biyu ba ta isa. Mai kura ya wuce, mai lemo ya shigo, kafin ya fita wata mota ta tsaya. A irin wannan wuri a rage juyawa zuwa digiri 18, rabin faɗin falle, yadda kowane wuri in ban da ƙarshen hagu da dama zai fito a fallaye biyu, kuma a ɗauki huɗu ko biyar a kowace tsayawa. Sai dai a yi sauri, domin inuwa tana tafiya, kuma a lokacin hunturu hazo yana sauya hasken sama cikin ɗan lokaci. A ganina ma kasuwa ba a kwashe mata mutane. Hoton kasuwar Sabon Gari babu kowa ba ya kama da komai. Abin da ake cirewa a can shi ne mutumin da ɗinki ya raba biyu, da wanda ya fito sau biyu saboda yana tafiya daidai da juyawar kyamara. Ga wanda aka raba, nau'in `Include region` ya fi dacewa: a zagaye shi a fallen da ya fito cikakke, manhaja ta kauce masa da layin ɗinki.

Wayar da ke ko'ina

Waya ba ta motsi. Tana wuri ɗaya a kowane falle, babu hoton da ya ga abin da ke bayanta, saboda haka dole a ƙirƙiri samaniyar da za ta maye gurbinta. Tambayar ita ce yaushe.

Kada a goge ta falle-falle kafin ɗinki. A yankin tarayya za a yi faci biyu daban-daban a wuri ɗaya, hannu ba ya maimaita kansa, sai enblend ta gauraya su su bar dabbare-dabbare a sama. Kuma in aka bar ɗan guntun waya a gefen wani falle, layin ɗinki yana iya bi ta can ya dawo da shi. A ɗinke da wayar a ciki, a fitar da TIFF, sannan a goge ta sau ɗaya a GIMP.

A yi gyaran a kan sabon `Layer` fanko, a kunna `Sample merged`, don asalin ya zauna lafiya a ƙasa. A sarari a yi amfani da `Heal`, da burushin da ya fi kaurin wayar sau biyu ko uku. Inda wayar ta ratsa rufin gini ko reshen bishiya a koma `Clone`, domin `Heal` yana jawo launin duhu ya shafa shi cikin sama. Wurin da za a ɗebo facin shi ne muhimmi. Samaniyar fanorama ba launi ɗaya ba ce: tana yin fari wajen ƙasa, tana sauyawa daga hagu zuwa dama gwargwadon inda rana take, kuma a kusa da ɗinki launi biyu ne aka narkar. A ɗebo daga daf da wayar, fiksel 20 ko 30 sama ko ƙasa da ita, a riƙa sabunta wurin ɗiba akai-akai. In aka ɗebo daga can nesa, an kawo launin wani falle cikin yankin wani. A kuma tuna cewa a fanorama mai faɗi waya tana lanƙwasa, don haka a bi ta gajere-gajere.

In fanoramar cikakken zagaye ce ta digiri 360, akwai ɗinkin da ba a gani a allo: ƙarshen dama yana haɗuwa da ƙarshen hagu. Gyaran da ya taɓa gefe ɗaya bai taɓa ɗayan ba zai fito a matsayin layi tsaye idan aka kalli hoton a manhajar zagaye. Kafin a taɓa gefe, a je `Layer`, `Transform`, `Offset`, a gusar da hoton rabin faɗinsa ta `X` tare da `Wrap around`. Gefunan biyu za su haɗu a tsakiya, a gyara su tare, a mayar.

Yadda ake duba aiki

Ido yana sabawa da hoton da ya daɗe yana kallo, don haka a tilasta wa aibin ya fito. A kwafi hoton, a buɗe `Colors`, `Curves`, a ja layin ya miƙe sosai har launuka su yi muni. Duk facin da bai dace ba da duk matakin haske za su fito ɓaro-ɓaro. Sannan a koma asalin, a zuƙo shi zuwa kashi 100, a bi dakalin titi da layin rufi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai son ganin ainihin inda layin ɗinki ya bi yana iya gudanar da matakan biyu da kansa:

```
nona -m TIFF_m -o falle samaru.pto
enblend --visualize -o samaru.tif falle000*.tif
```

Na farko yana fitar da fallayen da aka jera, daga `falle0000.tif` zuwa `falle0004.tif`. Na biyu yana ɗinke su, ya kuma ajiye wasu hotuna masu nuna hanyar da kowane ɗinki ya bi. In layin ya matse a lungun da ke gefen marufi, a koma a rage marufin.

Duk wannan na hoton kalanda ne da talla da ado. Hoton da za a kai jarida a matsayin labari, ko a gabatar a matsayin shaidar yadda wuri yake, ba a cire masa keke ko waya.

Aikin gida

Ku ɗauki fanorama mai falle huɗu a bakin wani titi a unguwarku, ku ɗauki kowane falle sau biyu. Ku rubuta a takarda daga ina zuwa ina kowane yankin tarayya ya kama. Ku zaɓi abu ɗaya da ke cikin yankin tarayya ku cire shi da marufi, da wani da ke wajensa ku cire shi da ɗauka ta biyu. Bayan haka ku faɗaɗa marufin farko da gangan har rami ya buɗe, ku auna fiksel nawa ya rage tsakaninsa da gefen falle lokacin da kuka fara ganin layi. Ku zo aji da fayil ɗin `.pto` da duk fallayen asali, tare da gamammen hoton.